Yadda Kwamfuta Ke Gane Zagaye: Layi Mai Kibiya da Marar Kibiya

A ce wani ɗan kasuwar hatsi yana lissafin cinikinsa a manhajar Excel. Ya sayi buhun masara 100, kowanne a kan naira 55,000, ya sayar a kan 60,000. Ya yi wa dillalinsa alkawarin kashi goma cikin ɗari na ribar da ta rage bayan an cire komai, har da ita kanta la'adar dillalin. A gidan riba ya rubuta cewa a cire kuɗin saye da la'ada daga ciniki, a gidan la'ada kuma ya rubuta cewa a ɗauki kashi goma na riba. Yana danna maɓalli sai manhajar ta fito masa da gargaɗi, a ƙasan shafin kuma ya ga an rubuta `Circular References`. Riba tana jiran la'ada, la'ada tana jiran riba, babu wadda za a iya fara lissafawa.

Da ido ma mutum zai gane wannan, tunda gidaje biyu ne kawai. To amma idan gidajen sun kai dubu hamsin, wannan ya dogara da wancan, wancan ya dogara da wasu uku, ta yaya na'ura za ta gane cewa akwai inda hanya ta lanƙwasa ta komo kanta? Akwai tsohuwar dabara guda da ake koyar da kowane ɗalibin kimiyyar kwamfuta don amsa wannan tambaya. Abin da ya sa na ga ya dace a yi bayaninta a tsanake shi ne tana da fuska biyu, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya yi aiki da ita a gurbin ɗayar zai sami amsar ƙarya ba tare da kwamfuta ta yi masa ko tari ba.

Masana lissafi suna zana irin wannan matsala da ɗigo da layi. Kowane abu ɗigo ne, kowace alaƙa tsakanin abu biyu layi ce, zanen gaba ɗaya kuma sunansa giraf. Layukan iri biyu ne. Titin da ya haɗa Kano da Zariya ana bin sa ta ko'ina, wanda ya tafi zai iya dawowa ta kansa, don haka layinsa ba shi da kibiya. Amma idan aka ce gidan riba yana buƙatar gidan ciniki, wannan alaƙa gefe ɗaya ta fuskanta: ciniki ba ya buƙatar riba. Irin wannan layi ana sa masa kibiya a baki. Zagaye kuwa shi ne ka tashi daga wani ɗigo, ka bi layuka ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ka komo inda ka taso. Idan akwai kibiyoyi, dole ne tafiyar ta bi inda suka nuna.

Dabarar da ake nemansa da ita sunanta bincike mai zurfafawa, masu rubuta manhaja kuma da haruffan DFS suka fi sanin ta. Ka ɗauka baƙo ne ya shiga lungunan tsohon birni yana riƙe da ƙullin zare da alli. Duk mahaɗar da ya isa sai ya yi mata alama da alli, ya zaɓi lungu ɗaya ya kutsa, zare na warwarewa a bayansa. Ba ya juyawa sai ya iske inda babu sabon lungu, sa'annan ya naɗe zarensa ya koma mahaɗar baya ya gwada lungun da ya rage. Alli yana gaya masa inda ya taɓa zuwa. Zare yana gaya masa abin da ya fi wannan daraja, wato hanyar da har yanzu yake kanta, daga ƙofar da ya shigo zuwa inda yake tsaye. Wani Bafaranshe mai suna Charles Pierre Trémaux ya tsara irin wannan tafiya tun a ƙarni na 19 don fita daga ruɗaɗɗun hanyoyi, sai a 1972 Robert Tarjan ya nuna irin manyan ayyukan da za a iya ɗora mata a kwamfuta cikin sauri. Shi da John Hopcroft sun karɓi lambar yabo ta Turing a 1986, ayyukansu a wannan fage na cikin dalilan ba su ita.

Inda babu kibiya

Mu ɗauki garuruwa shida da tituna shida kawai, mu ajiye sauran hanyoyin da ke taswira: Kano zuwa Zariya, Zariya zuwa Kaduna, Zariya zuwa Funtuwa, Funtuwa zuwa Gusau, Funtuwa zuwa Katsina, sai Katsina zuwa Kano. Kwamfuta ba ta ganin taswira kamar yadda ido ke gani. Abin da take da shi jeri ne: a gaban sunan kowane gari an rubuta maƙwabtansa. Da yake titi na tafiya da dawowa ne, kowanne sau biyu yake fitowa. Zariya tana cikin maƙwabtan Kano, Kano ma tana cikin maƙwabtan Zariya.

Bincike ya tashi daga Kano, ya yi mata alama, ya shiga Zariya. Yana buɗe jerin maƙwabtan Zariya, sunan farko da ya ci karo da shi Kano ne, kuma ga alama a jikinta. Da ƙa'idar ita ce duk inda aka ga alama a yi shelar zagaye, da tun nan an yi kuskure, domin titin da ya kawo shi ne yake hange ta baya. Saboda haka ake haɗa wa binciken guzuri guda: duk garin da ya shiga, ya riƙe sunan garin da ya fito. Idan maƙwabcin da ya gani shi ne mafitarsa, sai ya tsallake shi.

Ya tsallake Kano, ya wuce Kaduna. A zanenmu Kaduna ba ta da maƙwabci sai Zariya, wadda daga ita ya fito, don haka ya juya. Daga Zariya ya shiga Funtuwa, daga nan Gusau, nan ma hanya ta ƙare, ya komo Funtuwa ya ɗauki titin Katsina. A Katsina sunaye biyu ne a jeri. Funtuwa mafita ce, an tsallake ta. Kano tana da alama, kuma ba daga ita aka shigo Katsina ba. An sami zagaye ke nan: Kano, Zariya, Funtuwa, Katsina, a komo Kano. Ga dabarar a yaren Python:

```python
def akwai_zagaye(u, mafita):
    an_gani.add(u)
    for v in makwabta[u]:
        if v == mafita:
            continue
        if v in an_gani or akwai_zagaye(v, u):
            return True
    return False
```

Mai karatu mai lura zai tambaya: ina tabbacin cewa garin da aka gani da alama yana kan hanyar da muke bi? Ba zai yiwu wani gari ne da aka leƙa tun ɗazu aka fito, kamar Kaduna, wanda ba ya cikin tafiyarmu ta yanzu ba? Amsar wannan tambaya ita ce zuciyar batun gaba ɗaya. Bincike mai zurfafawa ba ya barin gari sai ya gwada duk titunan da suka fita daga cikinsa. A ce akwai titi tsakanin Kaduna da Katsina. Lokacin da binciken ke Kaduna, kafin ya juya, dole ne ya ga wannan titi, kuma da ta nan zai shiga Katsina tun tana sabuwa. Ba yadda za a yi ya gama da Kaduna, ya yi tafiyarsa, daga baya ya tsinci wani titi da ba a taɓa dubawa ba yana komawa cikinta. Don haka a giraf marar kibiya, karon farko da aka ci karo da mai alama wanda ba mafita ba, to lalle yana kan zaren da ke shimfiɗe, kuma zaren tare da wannan titi na ƙarshe su ne zagayen. Alli kaɗai ya wadatar, domin a nan ba ya saɓa wa zare.

Akwai ma hanyar sanin amsa tun kafin a taka ko'ina, ta ƙidaya. Garuruwa shida, idan ana so a haɗe su duka ba tare da zagaye ba, tituna biyar ne daidai suke buƙata. Na shida duk inda aka shimfiɗa shi, garuruwa biyu zai haɗa waɗanda da ma akwai hanya tsakaninsu, sai zagaye ya samu. Ƙa'idar ta game kowane adadi: giraf marar kibiya da layukansa suka kai yawan ɗigoginsa ba ya rasa zagaye. A harkar tituna wannan alheri ne, don idan gada ta karye a hanyar Zariya, direban Kano zai iya isa Funtuwa ta Katsina. A wayoyin da ke haɗa na'urorin rarraba saƙo na ofis kuwa masifa ne, saƙo ɗaya kan yi ta kewayawa yana ninkuwa har sadarwar ta cushe. Wannan ne ya sa Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985 tsarin da na'urorin ke bi su toshe layukan da suka yi rara, su bar iya waɗanda za su haɗa kowa.

Da zarar kibiya ta shigo

Mu koma shafin ɗan kasuwar, amma kafin ya yi wa dillali wancan alkawari. A lokacin la'ada naira 500 ce a kan kowane buhu. Gidajen biyar ne:

```
B1  100
B2  =B1*60000
B3  =B1*55000
B4  =B2-B3-B5
B5  =B1*500
```

B1 yawan buhuna ne, B2 ciniki, B3 kuɗin saye, B4 riba, B5 la'ada. Lissafin lafiya lau yake: naira 6,000,000 a cire 5,500,000 a cire 50,000, riba ta tashi 450,000. Idan aka ja kibiya daga kowane gida zuwa gidan da yake buƙata, kibiyoyi uku za su fita daga B4 zuwa B2 da B3 da B5, kowanne daga cikin ukun kuma ya harba tasa zuwa B1. Daga B1 babu abin da ya fita.

Yanzu a saki dabarar tituna a kan wannan zane. Ta tashi daga B4, ta shiga B2, ta isa B1, ta juya. Ta shiga B3, ta duba abin da yake buƙata, sai ga B1 da alama a jikinsa, kuma ba daga shi aka fito ba. Nan take za ta ce akwai zagaye, alhali babu. Hanyoyi biyu ne suka rabu a sama suka haɗu a ƙasa. A takarda siffar ta yi kama da zobe, amma kama da wane ba wane ba ne: wanda ya sauka B1 ba shi da kibiyar da za ta mai da shi B4.

Me ya karya hujjar da muka kafa ɗazu? Mun ce bincike ba ya barin wuri sai ya gwada duk hanyoyin da suka fita daga cikinsa, kuma har yanzu haka ne. Sai dai kibiyar da ke tsakanin B3 da B1 shigowa take yi B1, ba fita ba. Lokacin da binciken ke tsaye a B1 bai ma san da ita ba. Ya gama da gidan, ya naɗe zarensa ya tafi, daga baya ya sake hango shi ta wata kusurwa. A nan alli da zare suka raba gari: akwai alama, amma zaren ya daɗe da barin wurin.

Maganin shi ne a daina tambayar ko an taɓa ganin gida, a koma tambayar wane hali yake ciki. Halayen uku ne, kuma littafin koyarwa na Cormen da Leiserson da Rivest, wanda ya fara fitowa a 1990, ya sa ɗalibai da yawa sun san su da launuka. Fari shi ne wanda ba a taɓa shiga ba. Ruwan toka shi ne wanda aka shiga amma ba a gama da shi ba, wato yana kan hanyar da ake bi yanzu. Baƙi shi ne wanda aka shiga, aka bi duk kibiyoyinsa, aka fito. Idan kibiya ta nuna fari, a shiga. Idan ta nuna baƙi, a wuce, domin an riga an bi duk inda zai iya kai mutum ba a ga hanyar komowa ba. Idan ta nuna ruwan toka, an kama zagaye, saboda daga wancan gida aka gangaro har zuwa nan, ga shi kuma nan ɗin yana nuna shi.

```python
def akwai_zagaye(u):
    launi[u] = "toka"
    for v in kibiyoyi[u]:
        if launi[v] == "toka":
            return True
        if launi[v] == "fari" and akwai_zagaye(v):
            return True
    launi[u] = "baki"
    return False
```

Mu bi shi taki-taki a kan shafin. B4 ya zama ruwan toka. Kibiyarsa ta farko ta nuna B2, fari ne, an shiga, shi ma ya zama ruwan toka. Daga nan B1, an shiga, ba shi da kibiya ko ɗaya, nan take ya koma baƙi. An dawo B2, ba shi da sauran buƙata, ya zama baƙi. An dawo B4, wanda har yanzu ruwan toka ne don aikinsa bai ƙare ba. An shiga B3, ya nuna B1, baƙi ne, an wuce, B3 ya zama baƙi. Haka B5. A ƙarshe B4 ya zama baƙi, kuma ko sau ɗaya kibiya ba ta faɗa kan ruwan toka ba. Babu zagaye.

Akwai wata riba da ta zo a ɓagas, wadda ni a ganina ita ce mafi kyawun abin da ke cikin wannan dabara. Dubi jerin yadda gidajen suka zama baƙi: B1, B2, B3, B5, B4. Wannan shi ne daidai tsarin da ya kamata a bi wajen lissafi, yawan buhuna da farko, riba a ƙarshe, kowane gida bayan duk waɗanda yake buƙata. Binciken da ya tabbatar babu zagaye, shi ne kuma ya miƙo tsarin aiki.

Sai ɗan kasuwa ya canza B5 ya koma `=B4*0.1`. Tafiyar farko ba ta canza ba: B1 da B2 da B3 duk sun zama baƙi. An shiga B5, ya zama ruwan toka, kibiyarsa ɗaya tilo ta nuna B4, wanda yake ruwan toka tun farkon tafiya. An kama shi. Kuma ba a tsaya ga cewa akwai matsala ba, ana iya nuna ta da yatsa: gidajen da suke ruwan toka daga B4 zuwa inda ake tsaye su ne zagayen, a nan B4 da B5.

A lura da abin da dabarar tituna za ta yi da wannan wuri. A B5 za ta ga B4, ta ce ai daga nan na fito, ta tsallake shi. Ke nan ta yi kururuwa a B1 inda babu laifi, ta kuma rufe ido a B5 inda laifin yake. Tsallake mafita daidai ne a titi, domin Kano zuwa Zariya da Zariya zuwa Kano abu guda ne da aka rubuta sau biyu. Amma B4 ya nuna B5, B5 ya nuna B4, kibiyoyi biyu ne mabambanta, kuma su kaɗai sun isa zagaye. Haka abin yake idan aka juya: dabarar launuka, in aka sake ta a kan taswirar garuruwa yadda take, tana shiga Zariya za ta hango Kano da ruwan toka ta yi shelar zagaye, ko da titi ɗaya ne tak a duk ƙasar.

Ƙidayar da ta yi mana aiki a tituna ita ma ba ta da amfani a nan. Ɗigo shida na iya ɗaukar kibiyoyi 15 ba tare da zagaye ba, idan aka jera su kowanne ya nuna duk waɗanda ke bayansa. Ɗigo 100 na iya ɗaukar 4,950. A gefe guda kuma kibiyoyi biyu kacal sun isa su ƙulla shi, har ma ɗaya, idan wani ya rubuta `=B4+1` a cikin gidan B4 kansa.

Shi kuwa ɗan kasuwar, mafitarsa ba ta da wuya. Kashi goma na abin da ya rage bayan cire la'ada daidai yake da kashi ɗaya cikin 11 na abin da ake da shi kafin a cire ta. Idan ya rubuta `=(B2-B3)/11` a B5, la'ada za ta fito kimanin naira 45,455, riba kimanin 454,545, alkawari ya cika, kuma babu kibiyar da ta koma baya.

Inda ƙafa ke zamewa

Kuskuren da na fi jin tsoro ba ya ba da amsar ƙarya, shi ya sa yake daɗewa ba a gano shi ba. Wani zai ce tunda ruwan toka ne ke kama zagaye, mene ne amfanin baƙi? Sai ya riƙa mayar da gida fari duk lokacin da ya fito daga cikinsa. A ƙaramin gwaji amsar za ta fito daidai. Amma yanzu duk gidan da hanyoyi biyu suka haɗu a kansa za a sake binciken duk abin da ke ƙarƙashinsa sau biyu. A jera irin waccan siffa ta rabuwa da haɗuwa sau 30, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ɗigo 91 ne kawai da kibiyoyi 120, abin da za a zana a allo guda. Amma hanyoyin da ke sauka daga sama zuwa ƙasa 2 ne a ninka da kansa sau 30, wato 1,073,741,824, kuma binciken da ba shi da baƙi sai ya bi kowace ɗaya. Mai launi uku kuwa sau ɗaya zai shiga kowane ɗigo, sau ɗaya zai duba kowace kibiya, aikinsa bai wuce taki ɗari biyu da 'yan kai ba. Alamar wannan ciwo ita ce manhaja ta yi sauri a kan ƙananan bayanai, ta daskare gaba ɗaya da an ɗan ƙara su.

Sauran wuraren zamewa sun fi sauƙin gani. Bincike daga ɗigo ɗaya yana isa ne kawai inda hanya ta kai shi. Da an fara daga B1 a shafin ɗan kasuwa, da an tashi da cewa komai lafiya, tunda babu kibiyar da ta fita daga can. Dole ne a zagaya duk ɗigogin, duk wanda aka iske fari a tayar da sabon bincike daga kansa. Sai kuma batun tituna biyu tsakanin garuruwa biyu, tsohuwar hanya da sabuwa. Tafiya ta ɗaya a dawo ta ɗayar zagaye ne na gaske, amma mai tsallake mafita da sunan gari zai tsallake su duka biyun a garin da ya shiga, sai ya koma garin da ya fito ne zai gane zagayen. Inda irin haka ke yiwuwa, lamba ake ba kowane titi, a tsallake titin da aka biyo maimakon garin da aka fito. Na ƙarshe ya shafi zurfi. Ayyukan nan biyu da na rubuta suna kiran kansu, Python kuma a yadda ya zo yana tsayar da irin wannan kira idan ya kai zurfin 1,000, ya fitar da `RecursionError`. Giraf mai doguwar sarƙa zai ci karo da wannan iyaka, sai a sake rubuta binciken ya riƙa ajiye hanyarsa a jerin da shi ke kula da shi.

Masu rubuta manhaja suna haɗuwa da zagaye mai kibiya kusan kullum, ko da ba su kira shi da sunansa ba. Yaren Go yana ƙin haɗa manhaja idan ɓangarorinta suna janyo juna a zagaye, ya rubuta `import cycle not allowed`. Rumbun bayanai na PostgreSQL, idan wani aiki ya yi daƙiƙa ɗaya yana jiran wani ya saki abin da ya riƙe, yakan bi sawun wa ke jiran wa. In sawun ya komo kan wanda ya fara, sai ya soke ɗaya daga cikinsu da saƙon `deadlock detected` don sauran su samu su wuce. A duka biyun, haɗuwar hanyoyi biyu a wuri guda abu ne na yau da kullum: ayyuka goma na iya jiran aiki guda, ɓangarori ɗari na iya janyo ɓangare guda. Da dabarar tituna ake auna su, da kusan babu manhajar da za ta tsira daga tuhuma.

Ga ɗalibi ko mai koyon rubuta manhaja da ke karanta wannan, shawarata ita ce kada ka yarda da abin da ka rubuta sai ka gwada shi a kan zane uku da ba su fi tafin hannu ba. Na farko ɗigo biyu da layi ɗaya marar kibiya, amsarsa babu zagaye. Na biyu ɗigo huɗu masu kibiya, hanya ta rabu biyu ta sake haɗuwa a ƙasa, nan ma babu. Na uku ɗigo biyu, kowanne ya nuna ɗan'uwansa da kibiya, amsarsa akwai. Ka bi kowanne da biro a takarda, kana rubuta launin kowane ɗigo a duk taki, kafin ka miƙa wa kwamfuta.